Yadda Ake Lissafa Farashi Bayan Ragi, Da Dalilin Da Ya Sa Ragi Biyu A Jere Ba Sa Haɗuwa Kai Tsaye

Tambayar da ta fi yawan zuwa a kan lissafin ragi ba ta wuce iri biyu. Ta farko: an ce an yi ragin kashi kaza cikin ɗari, to nawa zan biya? Ta biyu kuma ita ce mai jawo gardama a gaban mai karɓar kuɗi: an ce an rage kashi 20, an ƙara rage kashi 10, me ya sa kuɗin da aka ce in biya ya fi na ragin kashi 30? Mutane da dama suna fita daga shago da zaton an cuce su, alhali lissafin mai shagon daidai yake. Wasu 'yan kasuwa kuma suna yin alkawarin ragi a kan ragi ba tare da sun san inda zai kai ribarsu ba.

Za mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. Mu ɗauka keken ɗinki ne da aka rubuta wa farashin Naira 150,000. Kuɗin na misali ne kawai, hanyar ce abin riƙewa, kuma iri ɗaya ce ko da sefa ake ciniki ko da sidi. Abin da kake bukata bai wuce kalkuletar da ke cikin wayarka ba, ko biro da takarda.

1. Tabbatar da kuɗin da ragin zai hau kai

Kashi cikin ɗari ba shi da ma'ana shi kaɗai, sai an ce na mene ne. Kashi 20 na Naira 150,000 daban yake da kashi 20 na Naira 120,000. Don haka kafin ka taɓa kalkuleta, ka nemi ainihin kuɗin da ake cire ragin daga cikinsa, ka rubuta shi.

A shagunan da ke liƙa farashi, da kuma wuraren sayayya ta waya, sau da yawa za ka ga farashi biyu, ɗaya an soke shi da layi, ɗaya kuma a ƙasansa. Wanda aka soke shi ne na asali. Na biyun an riga an cire ragi a cikinsa.

Hattara a nan: kada ka sake cire ragin daga farashin da aka riga aka rage. Idan an soke 150,000 an rubuta 120,000, sannan a gefe aka sa alamar kashi 20, alamar tana bayyana ragin da aka riga aka yi ne. Idan kana shakka, tambayi mai shago kai tsaye: "Malam, wannan kuɗin na bayan ragi ne ko na kafin ragi?"

2. Fitar da kuɗin ragin, sannan ka debe shi

Wannan ita ce hanyar da aka koya mana a makaranta, kuma tana da kyau idan ragin guda ɗaya ne. Ka raba farashin gida 100, abin da ya fito shi ne kashi ɗaya. A kekenmu, 150,000 a raba gida 100 ya ba da Naira 1,500. Ragin kashi 20 ne, sai ka ninka 1,500 sau 20, ka samu Naira 30,000. Ka debe ta daga 150,000, saura Naira 120,000, kuma ita za ka biya.

Idan babu kalkuleta a kusa, ka fara da kashi 10, domin shi ne mafi sauƙi: ka cire sifiri guda daga ƙarshen kuɗin. Daga nan komai yana fitowa. Kashi 20 ninkinsa biyu ne, kashi 5 rabinsa ne, kashi 15 kuma shi da rabinsa ne a haɗe. Kashi 25 rubu'in kuɗin ne, kashi 50 rabinsa. Ko farashin ba dunƙulalle ba ne hanyar tana aiki. A ce shadda ce ta Naira 47,500 da ragin kashi 15. Kashi 10 ya zama 4,750, rabinsa 2,375, jimilla 7,125. Idan aka debe, za a biya Naira 40,375.

Kuskuren da ake yawan yi a wannan mataki shi ne tsayawa a rabin hanya. Mutum ya samu 30,000 a fuskar kalkuleta sai ya ɗauka ya gama, alhali wannan kuɗin ragin ne, ba kuɗin biya ba. Haka na faruwa musamman idan ragin ya kusa rabi, domin lambobin biyu suna kama da juna. A ragin kashi 45 na 150,000, ragin 67,500 ne, abin biya kuma 82,500. Duk wanda yake sauri zai iya musanya su.

3. Koma lissafin abin da ya saura

Wannan matakin nake so mai karatu ya fi ba muhimmanci, domin duk abin da ke gaba a kansa ya dogara. Maimakon ka tambayi nawa aka cire, ka tambayi nawa ya saura. Idan an rage kashi 20, abin da za ka biya kashi 80 ne. Idan an rage 15, za ka biya 85. Ka debe ragin daga 100, ka mayar da abin da ya saura lamba mai ɗigo, ka ninka farashin da ita. Kashi 80 ya zama 0.8, kashi 85 ya zama 0.85.

```
150000 × 0.8 = 120000
47500 × 0.85 = 40375
```

Amsa ɗaya ce da ta mataki na biyu, amma da bugu ɗaya aka samu, kuma abin da ya fito shi ne kuɗin biya kai tsaye. Babu sauran ruɗani tsakanin ragi da farashi.

Kula da ragin da bai kai kashi 10 ba. Ragin kashi 5 yana barin 95, wato 0.95. Wanda ya buga 0.5 ya raba kuɗin biyu ke nan. Haka ragin kashi 7 da rabi yana barin 92.5, wato 0.925.

Akwai kuma batun madannin `%` da ke jikin kalkuleta. Ba duka kalkuletoci ne suke ɗaukar sa iri ɗaya ba. A wasu, idan ka buga `150000 - 20 %` za ka samu 120,000. A wasu kuma za su mayar da kashi 20 ɗin 0.2 kawai, su debe shi, ka ga 149,999.8. Ka gwada taka da `100 - 20 %`. Idan ta ba ka 80, tana yin abin da kake so. Ni dai shawarata a bar madannin nan gaba ɗaya a riƙa ninkawa da lamba mai ɗigo, domin wannan ba ya canjawa daga waya zuwa waya.

4. Ragi na biyu: ɗora shi a kan sabon farashi

Yanzu mai shago ya ce, bayan ragin kashi 20 na Sallah, duk wanda ya biya kuɗi hannu za a ƙara masa ragin kashi 10. Tunanin farko da ke zuwa wa kowa shi ne 20 da 10 sun zama 30, kashi 30 na 150,000 kuma 45,000 ne, don haka keken ya dawo Naira 105,000. Sai mai karɓar kuɗi ya ce 108,000.

Ga yadda ya yi. Ragin farko ya sauko da keken daga 150,000 zuwa 120,000. A lokacin da ragi na biyu ya zo, farashin da ke kan keken 120,000 ne, kuma a kansa ake ɗaukar kashi 10. Kashi 10 na 120,000 kuwa 12,000 ne, ba 15,000 ba. An debe 12,000, saura 108,000.

```
150000 × 0.8 × 0.9 = 108000
```

To ina Naira 3,000 ɗin nan ta shiga? Ita ce kashi 10 na Naira 30,000 da ragin farko ya riga ya ɗauke. Wanda ya haɗa 20 da 10 yana neman a yi masa ragi a kan kuɗin da ba zai biya ba tun farko. Wannan 30,000 ta riga ta fita daga cinikin, don haka babu yadda za a sake rage wani abu daga cikinta.

Ka ɗauki buhu mai mudu 100 na gero. An ɗebi kashi 20, saura mudu 80. Aka ce wani ya zo ya ɗebi kashi 10 na abin da ke cikin buhun. Mudu 8 zai ɗiba, domin 80 ya tarar. Abin da ya fita gaba ɗaya mudu 28 ne, saura 72. Haka farashin keken yake: 0.8 sau 0.9 ya ba da 0.72, wato kashi 72 za ka biya, ragin gaskiya kuma kashi 28 ne.

Hanya mafi sauri ta ganin cewa haɗawa ba ta aiki ita ce a gwada ragin rabi sau biyu. Da ana haɗawa, 50 da 50 sun zama 100, kaya ya zama kyauta. Amma kowa ya san rabin rabi rubu'i ne. Keken zai sauko zuwa 75,000, sannan 37,500. Ragin ya tsaya a kashi 75.

5. Mayar da ragi biyun su zama guda

Idan kana so ka san ragin gaskiya ba tare da ka taɓa farashi ba, akwai gajeriyar hanya da za a iya yi da ka. Ka haɗa ragin biyu, sannan ka ninka su da juna, ka raba abin da ya fito gida 100, ka debe shi daga jimillar.

```
a + b - (a × b ÷ 100)
20 + 10 - (20 × 10 ÷ 100) = 28
```

Wannan ɗan abin da ake debewa shi ne girman kuskuren mai haɗawa kai tsaye, kuma girmansa yana bin girman ragin. Idan ragin ƙanana ne, kamar kashi 5 da kashi 2, abin debewar 0.1 ne kacal, ragin gaskiya 6.9. Kusan ba za a lura ba, kuma shi ya sa mutane da yawa suka daɗe suna haɗawa ba su ga illa ba. Amma idan ragin manya ne, tazarar takan yi faɗi sosai. Kashi 40 da kashi 30 ba su kai 70 ba, 58 suke bayarwa, domin 40 sau 30 a raba gida 100 ya zama 12. A kan keken namu, mai haɗawa zai shigo da Naira 45,000 a aljihu, a ce masa 63,000. Bambancin Naira 18,000 ba abin da za a share ba ne.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa ne a wajen kwatanta shago da shago. Idan farashin asali ɗaya ne, shagon da ya yi ragin kashi 29 a dunƙule ya fi mai 20 da 10 sauƙi, duk da cewa na biyun ya fi daɗin ji a kunne. Na farko zai sayar a 106,500, na biyu a 108,000.

Gajeriyar hanyar nan ta ragi biyu ce kawai. Idan uku ne, ka koma ninkawa. Ragin kashi 10 sau uku a jere shi ne 0.9 sau 0.9 sau 0.9, wato 0.729, ragin gaskiya kashi 27.1.

Akwai yanayi guda da haɗawa take zama daidai, wato idan mai kaya ya faɗa ƙarara cewa duka ragin biyu a kan farashin asali zai lissafa su. A nan 30,000 da 15,000 za a cire, a biya 105,000. Wannan yarjejeniya ce tsakaninku, kuma dole a faɗe ta kafin a rubuta rasit. Idan ba a faɗa ba, abin da aka saba shi ne ragi na biyu ya hau kan abin da ya saura. A cinikin sari, inda kaya ke da yawa, wannan tambaya guda tana iya zama bambancin dubban nairori, don haka kada kunya ta hana ka yin ta.

6. Wanne za a fara cirewa?

Idan duka ragin biyu na kashi cikin ɗari ne, ba komai wanda aka fara da shi. A fara da kashi 10: 150,000 ta zama 135,000, a cire kashi 20 na wannan, wato 27,000, a dawo 108,000. Dalili kuwa ninkawa ce ake yi, kuma 0.9 sau 0.8 daidai yake da 0.8 sau 0.9. Babu amfanin jayayya da mai shago a kan wannan.

Labari yana canjawa idan ɗaya daga cikinsu tsayayyen kuɗi ne. A ce bayan ragin kashi 20, kana da takardar rangwame ta Naira 5,000, ko kuma mai kaya ya ce, "Na sauke maka dubu biyar." Idan aka fara da kashi 20 sannan aka cire 5,000, za ka biya 115,000. Idan aka fara cire 5,000, farashin ya zama 145,000, kashi 80 ɗinsa kuma 116,000 ne. Naira 1,000 ta ɓace maka, domin ragin kashi 20 ya hau kan kuɗi mafi ƙanƙanta. Mai saye ya fi cin riba idan aka fara da kashi cikin ɗari, aka bar tsayayyen kuɗin zuwa ƙarshe. A kasuwa, inda baki ke aiki, ka bari a gama maganar kashi tukuna kafin ka nemi a sauke maka wani abu a kai.

7. Haraji da kuɗin kawo kaya

A manyan kantuna a Najeriya za ka ga layin harajin `VAT` a rasit, wanda yake kashi 7.5 tun shekarar 2020. Idan farashin da aka liƙa bai haɗa da shi ba, ana ɗora shi ne a kai, kuma lissafinsa irin na ragi ne sai dai lambar ninkawar ta haura ɗaya.

```
150000 × 0.8 × 0.9 × 1.075 = 116100
```

Nan ma kada a ce ragi 28 ne, haraji 7.5, don haka ragin ya koma 20.5. Wannan zai ba da 119,250, wanda ya zarce amsar gaskiya da Naira 3,150. Shi kuwa kuɗin kawo kaya gida yawanci tsayayye ne kuma ragi ba ya shafarsa, sai a ƙara shi bayan an gama duk ninkawa.

8. Komawa baya don gano farashin asali

Wani lokaci abin da ke hannunka shi ne farashin bayan ragi, kana so ka san daga ina aka taso. A nan rabawa ake yi da lambar nan ta abin da ya saura. An biya 120,000 bayan ragin kashi 20, sai a raba 120,000 da 0.8, a samu 150,000. An biya 108,000 bayan ragi biyu, sai a raba da 0.72, amsar ita ce dai 150,000.

Kada ka ƙara kashi 20 a kan 120,000 da nufin komawa inda aka fito. Kashi 20 na 120,000 bai wuce 24,000 ba, don haka za ka tsaya a 144,000. Domin a tashi daga 120,000 a koma 150,000, ƙarin kashi 25 ake bukata.

Wannan lissafi ne ke tona asirin ragin da aka yi bayan ƙarin kuɗi. Idan aka ɗaga keken da kashi 20 ya zama 180,000, sannan aka sanar da ragin kashi 20, zai sauko 144,000. Abin da mai saye ya samu a kan tsohon farashi kashi 4 ne kawai, wato Naira 6,000. Shi ya sa sanin farashin kaya a wasu shaguna, ko kafin lokacin rangwame, ya fi girman lambar da aka rubuta a allo amfani.

9. Idan kai ne mai sayarwa

Ragi a kan farashin sayarwa ake lissafa shi, amma daga riba yake fita. A ce ka saro keken a Naira 100,000 kana sayarwa 150,000, ribarka 50,000. Ragin kashi 20 ya ɗauke 30,000, wato fiye da rabin ribar. Na kashi 10 da ya biyo baya ya ɗauke 12,000. Abin da ya rage maka Naira 8,000 ne, kuma ba ka cire kuɗin mota da na dako da hayar shago ba tukuna. Saboda haka kafin ka sanar da kowane ragi, ka raba kuɗin sari da farashin sayarwa. A nan 100,000 a raba da 150,000 ya ba da kusan 0.67. Duk lokacin da lambar ninkawarka ta sauko ƙasa da wannan, uwar kuɗi ka fara ci. Lambar 0.72 ta tsira da ƙyar. Da ragi na biyun kashi 20 ne, 0.8 sau 0.8 ya zama 0.64, keken zai tafi a 96,000, faɗuwar Naira 4,000.

Idan kuma ka yi wa abokin ciniki alkawarin ragin kashi 30 cif, kuma an riga an cire 20, to ragi na biyu ba kashi 10 ba ne. Ka raba inda kake son zuwa da inda kake yanzu: 0.7 a raba da 0.8 ya ba da 0.875, wato ragin kashi 12.5. Gwada ka gani, kashi 12.5 na 120,000 Naira 15,000 ne, wanda ya kai farashin 105,000 daidai.

Mai kaya da yawa da ke ajiye lissafinsa a kwamfuta, a manhaja irin ta Excel, zai iya sa farashi a gidan `A2`, ragin farko a `B2`, na biyu a `C2`, ya rubuta wannan a `D2`, sannan ya ja shi ƙasa zuwa sauran layuka:

```
=A2*(1-B2/100)*(1-C2/100)
```

A gidajen ragin ka rubuta 20 da 10 tsura, ba tare da alamar `%` ba. Idan ka sa alamar, kwamfuta ta riga ta raba lambar gida 100, sai lissafin ya sake rabawa, ragin ya fito ɗan ƙanƙani, farashin ya tsaya kusa da 149,550. Ka fara gwada layin farko da 150,000 da 20 da 10, kuma kada ka ja shi ƙasa sai ka ga ya ba ka 108,000. A rasit ɗin da za ka ba mai saye kuma, ka rubuta kowane ragi a layinsa tare da kuɗin da ya rage bayansa, 120,000 sannan 108,000, domin ya bi lissafin da idonsa kafin ya biya.